Saita Hasken Talabijin LCD Don Kallo Cikin Duhu

A talabijin LCD masu `Local Dimming`, wato tsarin da ke rage haske a sassan hoto masu duhu, fitilun LED da ke bayan allo rukuni-rukuni suke. Farin abu ƙarami ya bayyana a baƙin fili, sai rukuninsa duka ya kunnu, haske ya yi wa abin zobe kamar hazo. Ga yadda za a rage hazon:

1. Kashe fitilar ɗaki, ka zaɓi `Filmmaker Mode` a saitin hoto.
2. Tsayar da fim inda farin rubutu yake kan baƙi.
3. Rage `Backlight` (a wasu Samsung, `Brightness`) har fari ya daina kashe ido. Wannan a SDR ne, wato bidiyo na yau da kullum; a HDR kuwa, wato bidiyo mai ƙarin haske, a bar shi a matakinsa mafi girma.
4. Gwada `Local Dimming` a `High`. Idan taurarin sama da ke cikin fim sun ɓace ko haske yana rawa bayan rubutu, sauko mataki ɗaya. Kada ka kashe shi, baƙi zai koma toka-toka.

Zauna daidai gaban allon, domin daga gefe hazon ya fi fitowa.