Ruwan shinkafa ba ya bin girman tukunya

'Yan'uwana matan Jidda, basmatin da aka jiƙa minti 30, kofi 1 ruwa kofi 1 da rabi yake so. Amma in za ku dafa kofi 6 a babbar tukunya, kada ku zuba ruwa kofi 9. 8 ya isa, don abin da ke fita da tururi ba ya ninkuwa yadda shinkafar ta ninku. Na taɓa zuba 9 ranar suna, ƙasan ya caɓe kamar tuwo, raina ya ɓaci. Shinkafa kaɗan a faffaɗar tukunya kuwa, ƙara ruwa kwatan kofi. Gero tsaba kofi 1 yana shan ruwa kofi 2 da rabi. Kuskus ɗin leda kofi 1 ne ga tafasasshen ruwa kofi 1, a rufe minti 5, ba a wuta ba.