Kurakuran da ake yi wajen rubuta wa manaja bayanin allon ciniki

Na gaji da gyara wa sababbin akawu takardar da suke kai wa manaja idan an haɗa sabon allon cinikin wata, wato dashbod. Kusan kullum wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Babban laifin shi ne a rubuta "ciniki ya ƙaru" a yi shiru. Wane cinikin? Ɗauki sito na shinkafa a Adum, nan Kumasi. Watan jiya an sayar da buhu 800 a kan sidi 500, ya kama sidi 400,000. Wannan watan ma buhu 800 ne suka fita, amma farashi ya koma 600, sai allo ya nuna 480,000 da koriyar kibiya, wai an samu ƙarin kashi 20 cikin ɗari. Ko buhu ɗaya bai ƙaru ba! Duk wanda ya yi kasuwa a Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a Ghana, bai kamata a yaudare shi da koriyar kibiya ba. Ni a tawa takardar, ina sa manaja ya fara duba yawan buhuna, sannan kuɗi.

Na biyu ya fi ƙona min rai. Akwatin `Total Sales` yakan lissafa duk kayan da aka yanka wa rasit, har da na bashi. Wani yaro a ofishinmu bai faɗi haka ba. Alhaji manajanmu ya ga 480,000, ya buga waya ya yi odar mota guda ta kaya, alhali 150,000 na hannun masu shaguna a Aboabo da Asawase. Abin da ya shigo 330,000 ne kawai, kuma albashinmu ne ya makara. Haba, layi ɗaya fa ya isa: "Ranka ya daɗe, wannan adadin ya haɗa da bashi, kuɗin da aka karɓa yana akwatin da ke ƙasansa."

Kada kuma ka gwada watan bayan Salla da watan azumi ka ce kasuwa ta faɗi. Azumi yakan matso da kusan kwana 11 duk shekara, don haka ko watan bara za ka gwada da na bana, ka rubuta inda azumi da Kirsimeti suka faɗo.

Ka faɗi ranar da aka rufe lissafi, da ko an cire kayan da aka dawo da su. Ja da kore ma a fassara su: jan nan, ƙasa da watan jiya yake nufi, ko ƙasa da abin da aka yi niyyar sayarwa?

Batun tsawo kuwa, ni ba na wuce shafi ɗaya, wasu na ganin na cika rowa. Manaja a waya zai karanta, yana tsaye ana sauke kaya. Yadda ka haɗa allon a Excel, ka ajiye sai ya tambaya.