Inji mai shekara uku ko mai shekara biyar: inda lissafi yake kaucewa

A ce masana'anta tana bukatar inji, an kawo mata guda biyu masu aiki iri ɗaya, abin da suke fitarwa a rana ma daidai yake. Na farko kuɗinsa 100,000, yana cin 20,000 a shekara wajen mai da gyara, bayan shekara 3 ya gama yayi. Na biyu 150,000 ne, yana cin 18,000 a shekara, yana kai shekara 5. Ko da wane irin kuɗi aka yi cinikin, lissafin bai canza ba. Tsadar jarin masana'antar kuwa kashi 10 cikin 100 ce, wato ribar da kuɗin zai kawo a shekara da an sa shi a wata harka mai haɗari irin wannan.

Abin da yawancin masu lissafi suke fara yi daidai ne: su dawo da duk kuɗin da za a kashe nan gaba zuwa ƙimarsa ta yau da ma'aunin tsadar jarin, su haɗa da kuɗin sayen injin. Mai shekara uku yana tashi a 149,737, mai shekara biyar a 218,234. A nan kuskure na farko yake shigowa, domin ido yana ganin tazarar fiye da 68,000 sai a ce ai na farko ya fi sauƙi, a rufe takarda. Amma waɗannan kuɗaɗe biyu ba abu ɗaya suka saya ba. Ɗaya ya sayi aikin shekara uku, ɗaya ya sayi na shekara biyar. Wanda ya ɗauki na farko, a ƙarshen shekara ta uku zai sake zaro wasu 100,000, alhali ɗan'uwansa yana da sauran shekara biyu bai taɓa aljihu ba. Duk lokacin da ka ga an jera NPV biyu, wato jimlar ƙimar yau ta kowane inji, gefe da gefe kuma shekarun injinan sun bambanta, kwatancen bai kammala ba.

Gyaran shi ne a mayar da kowace jimla zuwa kashin shekara-shekara wanda ba ya hawa ba ya sauka, abin da littattafan harkar kuɗi suke rubutawa EAA, ko EAC idan kashewa kawai ake aunawa. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ka ɗauke shi kamar kuɗin haya: nawa mai injin zai karɓa a ƙarshen kowace shekara har ya mayar da kuɗinsa, da abin da ya kashe wajen gudanarwa, da ribarsa ta kashi 10? Ana samun wannan ta raba ƙimar yau da wata lamba, AF, da ta dogara ga tsadar jari, r, da yawan shekaru, n:

```
AF  = (1 - (1 + r)^-n) / r
EAA = NPV / AF
```

A kashi 10, lambar rabawa ta shekara 3 ita ce 2.4869, ta shekara 5 kuma 3.7908. Idan aka raba, mai shekara uku yana cin kimanin 60,211 a shekara, mai shekara biyar 57,570. Injin da ya fi tsada a kasuwa shi ya fi sauƙin riƙewa, da bambancin kusan 2,640 kowace shekara. Mai aiki da Excel zai samu amsar kai tsaye:

```
=PMT(0.1,3,-149737)
=PMT(0.1,5,-218234)
```

A lura cewa kowane inji da tasa lambar. Jan layin lissafi daga wannan gida zuwa wancan ba tare da canza yawan shekarun ba yakan sa a raba duka biyun da lamba ɗaya, kuma hakan komawa ne ga kuskuren farko ta bayan gida. Sannan idan kashewa ake aunawa, ƙaramin adadi ake nema. Idan ribar da injin ke kawowa ce, babba.

Kuskure na biyu ya fi wuyar ganewa domin yana kama da gyara. Mutum ya fahimci cewa shekarun ba ɗaya ba ne, sai ya raba kuɗin inji da yawan shekarunsa: 100,000 gida uku ya ba da 33,333, a haɗa da 20,000 ya zama 53,333. Na biyu 30,000 da 18,000, wato 48,000. A wannan misali amsar ta faɗa kan injin da ya dace, shi ya sa ake yarda da hanyar. Matsalarta ita ce ta ɗauka kuɗi kyauta ne, kamar ƙarin 50,000 da aka ɗaure a babban injin tun ranar farko ba su da wani aikin da za su yi a wani wuri. Ta nuna tazarar 5,333, ninki biyu na ta gaskiya, kuma wannan tazara ba ta motsi ko tsadar jari ta kai nawa.

Ta gaskiyar kuwa tana motsi sosai. A kashi 20, mai shekara uku yana cin 67,473, mai shekara biyar 68,157, zaɓin ya juya. Wajen kashi 18 ne suke yin kunnen doki. Dalilin a fili yake: duk yadda kuɗi ya ƙara tsada, injin da ke neman jari mai yawa tun farko yana ƙara nauyi, sauƙin da zai kawo a shekarun gaba kuma yana ƙara raguwa a ma'aunin yau. A ganina duk wanda zai miƙa wa shugabanni wannan lissafi ya kamata ya rubuta wannan kashi 18 ɗin kusa da amsarsa, domin shi ke nuna ko zaɓin yana tsaye da ƙafarsa ko kuwa ɗan motsi kaɗan zai kayar da shi.

Wannan ya kai mu ga kuskuren da na fi jin tsoro, na hauhawar farashi, domin ƙwararru ma suna faɗawa cikinsa. A ce farashi yana hawa da kashi 10 a shekara, masu jari kuma suna neman kashi 21. Mai lissafi ya ɗauki 20,000 da 18,000 na farashin yau, ya bar su yadda suke har ƙarshe, sannan ya dawo da su ƙimar yau da kashi 21. Zai samu 68,218 ga mai shekara uku, 69,265 ga mai shekara biyar, ya zaɓi na farko da kwanciyar hankali. Alhali ya haɗa abubuwa biyu da ba sa haɗuwa. Cikin kashi 21 ɗin nan akwai diyyar hauhawar farashi, amma kuɗaɗen da ya rubuta ba su hau ba. Ya manta cewa bayan shekara uku sabon injin ba zai zo a 100,000 ba, zai kai 133,100, kuma mai gajeren inji shi zai riga komawa kasuwa ya tarar da sabon farashi.

Idan an rubuta kuɗaɗen da farashin yau, sai a cire hauhawar daga tsadar jarin kafin a yi amfani da ita. Ana raba 1.21 da 1.10, a samu 1.10, wato kashi 10 na ainihi. Ɗebe 10 daga 21 a ce 11 kusa ne kawai, kuma kuskurensa yana girma idan hauhawar ta yi yawa. Da kashi 10 mun koma ga 60,211 da 57,570, mai shekara biyar ne ya dace. Wani zai ce to a hawar da kuɗaɗen shekara-shekara, a bar kashi 21 ɗin. Wannan yana ba da NPV na gaskiya, amma wajen rabawa matsala tana nan: kashin da ba ya hawa na shekara uku da na shekara biyar ba sa kwatantuwa, domin na farkon za a sabunta shi da sabon farashi tun kafin na biyun. Don haka ko an bi wannan hanya, lambar rabawar a ɗauko ta da kashin ainihi. Alamar da za ka gane an yi wannan kuskure ita ce kuɗin gyara yana nan adadi ɗaya daga shekarar farko har ta ƙarshe, tsadar jarin kuma an ɗauko ta daga abin da banki yake caji.

Kuɗin da za a samu idan an sayar da tsohon inji ma ana yawan barinsa a waje, ko a cire shi yadda yake ba a dawo da shi ƙimar yau ba. Idan mai shekara uku zai sayu a 10,000 a ƙarshe, ƙimarsa a yau 7,513 ce, kuma tana sauke kashinsa zuwa 57,190, ƙasa da na ɗayan. Abu kaɗan ne, amma ya isa ya juya zaɓi.

Akwai kuma zaton da duk hanyar ta hau kansa, wanda ba a cika faɗa ba: cewa aikin zai ci gaba, kuma kowane inji in ya mutu za a maye gurbinsa da irinsa. Ana iya gwada wannan da hannu. A shekara 15 za a sayi gajeren sau biyar, dogon sau uku, su ƙare rana ɗaya; ƙimar yau ta na farko ta kusa 458,000, ta biyu kusan 438,000, daidai da abin da EAA ya nuna. To idan kwangila ce ta shekara uku, daga nan a rufe layin fa? Shekara ta huɗu da ta biyar na dogon injin ba su da amfani ga mai shi. A nan sai a ajiye EAA, a auna shekara ukun kawai: 149,737 ga gajeren, 194,763 ga dogon. Dogon ba zai yi daidai da ɗan'uwansa ba sai in zai sayu a kusan 60,000 bayan shekara uku yana aiki, kuma wannan tambaya ce ta kasuwar tsofaffin injuna, masu sayar da su za a je a tambaya. Haka nan idan ana sa ran fitowar sabon samfuri mai ƙarancin cin mai nan da shekara uku, gajeren inji yana ba da damar sauyawa da wuri, kuma lissafin ba ya ganin wannan dama sai an rubuta farashi da kashin sabon samfurin a zagaye na biyu.

Shekarun kansu ma ƙiyasi ne. Biyar ɗin nan sau da yawa daga takardar mai sayarwa take fitowa, ko daga jadawalin da akanta yake rage darajar kadara da shi, kuma babu ɗayansu da yake nufin ranar da gyara zai fi sayen sabo tsada. Idan dogon injin ya tsaya a shekara 4, lambar rabawarsa ta koma 3.1699, kashinsa ya hau zuwa 65,321, ya wuce gajeren da fiye da 5,000 a shekara. Rashin shekara ɗaya ya cinye ribar 2,640 har ya bar gibi. Saboda haka kafin a sa hannu, a zauna da masu gyaran injin da littafin da suke rubuta lalacewa a ciki, a ji shekara nawa irinsa yake kaiwa a ƙarƙashin irin nauyin aikin da za a ɗora masa, sannan a sake lissafin da shekara ɗaya ƙasa da abin da suka faɗa.