Babi na 6: Tura takardu bayan intabiyu

Darasi na 1: Duba kafin ku tura

Akwai wata ɗalibata a ajinmu na yamma a Aboabo, tela ce. Ta je intabiyu wurin wata Hajiya mai shagon ɗinkin kayan makaranta a Asawase. Da za su rabu, Hajiya ta ce ta turo mata abu 3 ta WhatsApp kafin Juma'a: hoton katinta na Ghana Card, takardar shaidar koyon ɗinki, da hotunan kayan da ta ɗinka.

A daren ta tura. Mako ya wuce, shiru. Da ta kawo mini wayar muka buɗe, sai ga katin rabinsa hasken fitila ya cinye, lambar ba ta karantuwa. Takardar shaidar kuwa ba ta tura ba sam, ita dai a ranta ta tura.

To ku saurara. Tun kuna wurin intabiyu, ku rubuta abubuwan da aka nema, ku sa musu lamba. In rubutu bai zauna muku ba tukuna, ku roƙi mai intabiyun ya rubuta muku. Babu abin kunya a nan.

In kun koma gida, ku shimfiɗa takardar a kan tebur da rana, kusa da taga. Ku goge gilashin kyamara da gefen zani, kada ku kunna fitilar waya. Kusurwoyi huɗu na takardar duk su fito. Shi katin, ku ɗauki gaba da baya.

Yanzu ku buɗe hoton, ku ja shi da yatsu biyu ya ƙara girma. Kuna iya karanta sunanku? Lambar da ta fara da GHA fa, ta fito sarai? Abin da ku ba ku iya karantawa, Hajiya ma ba za ta iya ba. Ku sake ɗauka. Ko sau biyar ne ku sake, sannu ba ta hana zuwa.

Wurin turawa, ku taɓa alamar maƙala takarda da ke gefen inda ake rubutu (a wasu wayoyin alamar + ce). WhatsApp kan matse hoto har ƙananan rubutu su dushe, don haka ga takardu ku zaɓi Document. Kafin ku danna kibiya, ku duba sunan da ke saman allo, ku tabbata na Hajiya ne. Na taɓa ganin wanda ya aika katinsa zauren 'yan unguwa.

Kun tura? Ba ku gama ba. Ku buɗe abin da ya tafi ɗaya bayan ɗaya, ku ƙirga, ku gwada da jerin da kuka rubuta. An nemi 3, kun ga 3? Na san na faɗa, zan kuma maimaita: ku buɗe, ku duba, ku ƙirga. Shekara da shekaru ina wannan magana, amma kullum sai wani ya danna ya jefa waya aljihu ya tafi hira. Haba jama'a! Minti biyu kawai abin zai ci muku.

Darasi na 2: Saƙon da zai raka takardun

Hajiya ta ga mutane da yawa a ranar, kuma ba lallai ne ta ajiye lambarku ba. Hoto ba ya gabatar da kansa. Saƙo ya fara tafiya, takardu su biyo baya nan take. Ga wanda muka rubuta da ɗalibata a karo na biyu:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da yini. Sunana ........ Ni ce tela daga Aboabo da kika yi wa intabiyu ranar Talata. Ga abubuwan da kika nema: katina gaba da baya, takardar shaidar koyon ɗinki, da hotuna 4 na rigunan makaranta da na ɗinka. Ki gafarce ni, na farkon bai fito da kyau ba. Na gode."

Kun ga ta faɗi sunanta, da ranar da suka haɗu, da adadin abin da ta tura. Kada ku tura "Salam" kaɗai ku zauna jiran amsa, kada kuma ku aika saƙon murya mai tsawo. In da Turanci aka yi intabiyun, da Turanci za a rubuta, wani ya duba muku. Hotunan aiki kuma 3 ko 4 sun isa, ɗaya a ciki ya nuna bakin ɗinki daga kusa. Ku ƙirga su su yi daidai da abin da saƙon ya ce.

Darasi na 3: In an yi shiru

Alamar maki biyu a gefen saƙo na nufin ya shiga wayar Hajiya. Ku jira kwana 2 ko 3 na aiki, sannan ku tambaya sau ɗaya ko takardun sun iso.

Aikin gida: ku ɗauki hoton takarda ɗaya, ku rubuta saƙo irin na sama, ku tura wa na kusa da ku a aji. Ku zo da wayar da caji.