Tsakiyar labarinku ce ke kashe shi, ba farkon ba

Na gaji wallahi. Duk rubutun farko da ƙannenmu na Agege da Idi-Araba suka turo min in duba ciwonsu ɗaya ne, babi biyar na farko kamar ka sace littafin ka gudu, ƙarshe ma ba laifi, amma tsakiya sai ka ji kamar kana cikin danfo a gosulon Oshodi, injin na ƙara mota ba ta motsi.

Kuskuren farko, ku gama rubutu yau gobe ku hau gyaran kalmomi. Me za ki yi da goge jimlar da ƙila babinta gaba ɗaya zai tafi shara? Ni sai na ajiye littafi sati biyu tukuna, sannan in samu littafin makaranta in ba kowace fitowa layi ɗaya: waye a ciki, yaushe, kuma me ya canza. Wannan na ukun shi ne alƙali. In na rasa abin rubutawa a wurin sai "sun yi hira" ko "ta yi kuka", to fitowar ta mutu tun tuni, binnewa ta rage.

Ga misali. Wata ƙanwata ta kawo min labari mai babi arba'in, matar wani ɗan kasuwar Mile 12 ce da uwar miji ta sa ta gaba. Daga babi na 14 zuwa 27 faɗa huɗu suka yi, na girki, na kuɗin cefane, na baƙi, na sarƙar gwal, kuma kowanne ƙarshensa ɗaya, Hajiya ta zage ta, ta shige ɗaki ta yi kuka, miji ya dawo ya ba da haƙuri. Faɗa huɗu a ido, amma a labari ɗaya ne aka maimaita. Muka bar biyu. Na girki ya zauna don a nan mai karatu ke fara sanin halin Hajiya, na sarƙa kuma muka sa ya ci wani abu, mijin ya goyi bayan uwarsa karon farko, matar ta kwashe kaya ta tafi gidan yayarta. Daga nan labari ba ya iya komawa inda yake. Abin da tsakiya ke nema kenan, kowane rikici ya fi na baya tsada. Babi goma sha huɗu suka koma shida, ta yi ta min ƙorafi wai faɗan baƙi ya fi ban dariya. Eh ya fi, amma ba ya kai mu ko'ina.

To ga inda kuke ban haushi. Kun ji an ce yanka sai ku yanka ku tafi abinku, ba ku duba abin da fitowar take ɗauke da shi ba. A labarin nan cikin faɗan cefane ne matar ta ga takardar asibiti a aljihun mijin, da muka cire shi sai ga ta a babi na 30 tana cewa "dama na san ba shi da lafiya". Ta ina ta sani, duba take yi? Kafin ki cire fitowa rubuta duk abin da wani ya ji ko ya gani ko ya karɓa a cikinta, ki nema masa sabon gida. Takardar muka mayar daren da take haɗa kaya, ta ma fi zafi a can.

Lokaci ma yankan yana cinye shi. Mijin ya rasu farkon azumi, marubuciyar ta rage babukan zaman makoki da kanta, sai ga ɗaurin sabon aure satin Babbar Sallah. Haba. Daga farkon Ramadan zuwa 10 ga Zulhajji wata uku ne da kwana goma, takaba kuwa wata huɗu da kwana goma ce, kenan matar tana da sauran wata guda aka aurar da ita, kuma masu karatu mata ba sa yafe irin wannan. Shi ya sa nake rubuta watan Musulunci a gefen kowane babi, ciki da idda da yaye duk da shi nake lissafa su.

Sauran ƙanana ne. Sunan da kika canza a hanya ki bi shi da Ctrl+F, har da sunan gida da inkiya, kar Safiya ta koma Sadiya. Fitowar da ta fara daga tashi barci da wanka da zaɓen atamfa, fara ta daga inda magana ta ɗau zafi. Abin da muka gani da idonmu kar wata ta sake kwashe shi kaf ta faɗa wa ƙawarta a waya, "ta labarta mata" ya isa.

Abin da kuka yanke kuma kar ku goge, ku zuba shi a wani fayil daban da lambar babin da ya fito, don ranar da wata magana ta rasa tushe a can za ku fara nema.