Yadda ake gyara jarrabawa wa ɗalibi mai matsalar gani ko disleksiya, wato wahalar karanta rubutu

Malamai sun dame ni da tambayar nan, to ga yadda nake yi da takardar lissafi ta JSS.

1. Rubuta abin da kowace tambaya ke aunawa. Shi kam ba a taɓa shi.

2. Tambayi ɗalibin da me ya saba karatu, birel ne, wato rubutun makafi, ko rubutu mai girma ko sai an karanta masa.

3. Mai ragowar gani, buga masa da Arial girman 18, kar dai ka ja fotokwafi zuwa A3, layin yakan yi tsawo har yaro ya ɓace a tsakiya.

4. Mai disleksiya, raba doguwar tambaya gida-gida, umarni ɗaya a layi ɗaya.

5. Maida zane zuwa bayani. Hattara, nan ake kwafsawa! In tambayar ita ce a gano sunan siffa, ce "gefe uku, biyu tsawonsu ɗaya", in ka ce isosceles ai ka ba da amsa.

6. Ƙara lokaci, kamar minti 15 a kowace awa, mai birel kuma ya fi haka don yatsa bai kai ido sauri ba.

7. Ja kunnen mai karantawa, ya maimaita in an nema amma banda fassara ko alama da murya.

8. Yi makin da ma'aunin kowa.