Yadda ake haɗa dawa da wake don cike giɓin laisin

A Katsina, gida da yawa tuwon dawa ne da dare, ɗumame ko koko da safe. Ciki na cika, amma furotin ɗin dawa yana da giɓi: amino asid ɗin da ake kira laisin, ɗaya daga cikin tubalan da ke gina furotin, ya yi kaɗan a cikinsa, kuma jiki ba ya iya ƙera shi. Da laisin ya ƙare sai ginin tsoka ya tsaya, sauran furotin ɗin ya tafi a makamashi.

Fara da ma'auni. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya ce babban mutum na bukatar miligiram 45 na laisin a kowane giram na furotin. Busasshiyar dawa giram 100 tana da furotin kusan giram 11 da laisin miligiram 230. Raba 230 da 11, za ki samu 21, ko rabi bai kai ba. Wake giram 100 kuwa yana da furotin kusan giram 24 da laisin miligiram 1,600, wato wajen 67.

Sai ki auna su a bushe, kafin jiƙo. Nan ake yawan kuskure, domin dafaffen wake ya sha ruwa, nauyinsa ya ninka.

Mu gwada dawa giram 300 da wake 100. Furotin 33 da 24, ya zama 57. Laisin 690 da 1,600, ya zama 2,290. Idan aka raba, 40 ne. An matso, amma da saura. To rage dawar zuwa giram 200: furotin 22 da 24, 46 ke nan; laisin 460 da 1,600, 2,060. Raba 2,060 da 46, ya kusan cika 45. Ashe kashi biyu na dawa, ɗaya na wake ake nema. Ba ki da sikeli? Gwangwanin madara biyu na dawa, ɗaya na wake, zai kai ki kusa.

Abin da ya fi damuna shi ne gyada, don mutane sun ɗauka ita da wake duk ɗaya ne. Tana da furotin kusan giram 26, amma laisin ɗinta miligiram 930 ne, wato 36 kacal. Ki zuba gyada giram 100 kan dawar nan giram 200 a maimakon wake, lissafi ya tsaya a 29. Ko ƙuli-ƙuli nawa aka daka a ciki ba zai kai 45 ba, tunda ita kanta gyadar ba ta kai ba. Waken suya ne ke iya maye gurbin wake.

Ba dole sai a tukunya ɗaya ba. Koko da ƙosai da safe, alale da rana, tuwo da dare, duk lissafin yini ɗaya ne. Idan kuma kina soya wake don garin kunun yara, sauke shi da ya fara ƙamshi. In ya yi duhu, zafi ya riga ya lalata wani ɓangare na laisin ɗin.